Manufar Darasin Motsa Jiki: Abin da Ido Zai Gani, Alƙalami Ya Ƙirga

A littafin shirin darasi na malaman motsa jiki, ba wuya ka ci karo da manufa irin wannan: "Ɗalibai su fahimci bugun buɗe wasa a ƙwallon raga." Kai ka ce ba laifi. To amma a tsakiyar fili, da me malam zai gane Tanko ya fahimta, Jummai ba ta fahimta ba? Fahimta a zuci take, ido ba ya ganinta.

Tun 1962 Robert Mager, masanin ilimi ɗan Amurka, ya nuna cewa manufa mai aunuwa tana faɗin abu uku: aikin da ɗalibi zai yi, halin da zai yi shi a ciki, da mizanin da za a ce ya isa. Don haka aikatau irin su "buga", "cafe", "jefa" da "tsallake" su ne kayan aikin malamin fili. Sai manufar nan ta koma haka: "Ɗalibi zai buga ƙwallo da bugun ƙasa daga nisan mita 6, ta haye raga ta sauka cikin fili, sau 6 cikin 10." An rage nisan da gangan, domin layin ƙarshe yana mita 9 daga raga, kuma hannun ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare sau da yawa bai kai can ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen gwaji. A yi zango guda ana bugu cikin rana, ranar jarrabawa a raba takarda a ce: "Lissafa matakan bugun ƙasa." Wannan tambaya hadda take aunawa. Alamar ɓarakar a fili take: gwanin fili ya faɗi, wanda bai taɓa haye raga ba ya cinye maki. Aikatau ɗin da ke cikin manufa shi ya kamata ya dawo a gwaji. In an rubuta "buga", to a fili za a ba da maki.

Ƙirgen ma bai wadatar shi kaɗai ba. Yaro mai ƙarfi yana iya haye raga da mummunar tsayuwa, saboda haka ni dai na fi son a haɗa da duban siffa: ƙafar da ke kishiyar hannun bugu tana gaba? Hannun ya lilo a miƙe? An bugi ƙwallon a daidai ƙugu ko ƙasa da shi?

Sai batun lokaci, wanda masu rubuta manufa kan manta. Ɗalibai 60, kowa bugu 10, kowane bugu daƙiƙa 10, minti 100 ke nan, darasin kuwa minti 40 ne. Dole malam ya maida mizanin 3 cikin 5 ya raba gwajin darasi biyu, ko ya haɗa ɗalibai bibbiyu, ɗaya na bugawa ɗaya na yin alama a takarda, shi kuma yana zagayawa yana duba siffa.