Katakon da ke ƙarƙashin ƙafarka: kafin ka hau sikafol, tsaya ka duba

Ka zaga Damba ko Unguwar Gwaza a Gusau, ko ka bi bakin titi a Tsafe da Bungudu, za ka ga gini yana tashi, matasa a sama suna ɗora bulo ko suna filasta. Abin da ke riƙe da su shi ne sikafol, wato gadon nan na katako ko na bututun ƙarfe da ake haɗawa a jikin bango. Da yawa kan ce, “Ai ba bene ba ne, ƙafa goma ce kawai.” To, wanda ya faɗo daga ƙafa 10, wato mita 3, bai cika daƙiƙa ɗaya a iska ba, kuma zai daki ƙasa da gudun kilomita 27 a awa. Ka ɗauka babur ne ya yi karo da bango, kai ne babur ɗin.

Mu yi lissafin abin da katako ɗaya ke ɗauka. A ce birkila kilo 65 ne, leburansa 60. An jera bulo takwas mai inci 9, a ƙiyasta kowane kilo 25, ya zama 200. Ga kwanon sarki cike da kwaɓi, kilo 30. Jimla 355, wato ya ɗara buhun siminti bakwai. Duk wannan a kan katako ɗaya, galibi irin mai kaurin inci 1 da aka gama zuba linta da shi.

Nan matsalar take. Katakon da aka tsara don sikafol kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, kuma ana sa masa matokari duk bayan ƙafa 4. Mai inci 1 bai kai rabin ƙarfinsa ba, domin kauri kaɗan in ya ragu, ƙarfi da yawa ne ke tafiya. Idan shi kaɗai ke akwai, a ɗora biyu a kan juna, a matso da matokaran kusa, a kuma daina tara bulo a tsakiya. A miƙo biyu ko uku, a ajiye daidai kan matokari, in sun ƙare a ƙaro.

Katako yakan faɗi ciwonsa kafin ya karye. In ka taka ya yi ciki, ko ka ji ƙara, sauka. Duba tsagewa a bakinsa, da gurbin reshe a tsakiya, da cin gara. Wanda siminti ya bushe a kansa, kankare ka gani, don ƙila tsagewar na ƙasa. Sannan ka duba bakin: ya wuce matokari da inci 2 zuwa 6. In ya gaza zai zame, in ya zarce ka taka ƙarshen zai ɗage da kai. A ɗaure shi ko a kafe da ƙusa.

Sai ƙafafun. Kada a yarda a ɗora ƙafar sikafol a kan bulo don a cike tsawo, bulo mai rami fashewa yake yi ba sallama. A daidaita ƙasa, a shimfiɗa katako mai kauri, ƙafar ta zauna a kai. Na ƙarfe ma haka, da farantinsa a ƙasa, a kuma ɗaure masa sandunan gicciye, a kama shi da bango. A damina, musamman watan Agusta, ƙasar da ta yi tauri jiya na iya nutsewa yau, saboda haka duk safiyar da aka kwana da ruwa sai an sake dubawa. Kuma bututun ƙarfe da wayar wuta ba sa ga maciji: a bar aƙalla mita 3 tsakani, kar a dogara da cewa an ɗauke wuta.

A bayanka kuma a kafa sandar kariya daidai ƙugu, kimanin mita 1, da wata a tsakiya. Mai filasta idonsa na kan bango, taku ɗaya baya ya isa.

In tsautsayi ya faɗa, wani ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ciccibe shi a ɗora a babur. A riƙe kansa kar ya motsa, a kwantar da shi a kan faffaɗan katako, a nufi asibiti da mota. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne.

Gobe in oga ya ce “hau mana, rana na yi,” ka ce ya ba ka minti biyar. Kuɗin yini ɗaya ba zai sayo maka ƙashin baya ba.