Abin da Ƙwaƙwalwar Inji Ke Mantawa Idan An Ɗauke Wuta

A masana'antun Sharaɗa, Bompai da Chalawa a Kano, ɗauke wuta ba labari ba ne. Sai a tada janareta, fitilu su dawo, ma'aikata su koma bakin aiki. Abin da ke cin rai shi ne injin da zai tashi lafiya lau amma ya manta nauyin buhun da aka sa masa, ko ya koma ƙirga kaya daga sifili. Yawanci laifin janareta ake gani, alhali matsalar tana cikin wani ɗan akwati a allon lantarki, na'urar da ake kira PLC, wadda ita ce ke ba injin umarni.

Abu uku wannan na'ura take riƙewa. Akwai tsarin umarnin da injiniya ya rubuta mata. Akwai lambobin da aka saita, kamar nauyi, zafi da tsawon lokaci. Akwai kuma halin da aiki yake ciki a yanzu, wato buhu nawa aka cika da matakin da aka kai. Ba wuri ɗaya suke zaune ba, shi ya sa ba tare suke ɓacewa ba. Ma'adanar da na'urar ke aiki a cikinta tana da sauri, amma da zarar wuta ta yanke sai ta goge. Saboda haka masu ƙera ta suka ware wani yanki da ba ya mantuwa, wanda batir ke riƙewa ko kuma ake kwafe shi zuwa ma'adana mai ɗorewa. Yankin nan yana da iyaka, kuma wanda ya rubuta umarnin shi ke zaɓar abin da zai shiga ciki.

Mu ɗauki injin zuba shinkafa a buhu mai kilo 50, wanda na'urar FX3U ta kamfanin Mitsubishi ke sarrafawa. A irin wannan na'ura, lambobi suna zama a gurabe masu suna da harafin D. Yadda take zuwa daga kamfani, gurabe daga D0 zuwa D199 suna komawa sifili idan wuta ta yanke, amma daga D200 zuwa D511 batir na riƙe su. A ce injiniyan ya ajiye ƙidayar buhuna a D210, nauyin da ake so kuma ya sa shi a D100. Da hantsi an cika buhu 340, sai aka ɗauke wuta. Da ta dawo, ƙidaya tana nan a 340, amma nauyi ya zama sifili. Injin zai duba sikeli ya ga ai an riga an kai abin da ake nema, sai ya ƙi buɗe bakin mazubi. Babu abin da ya ƙone, babu abin da ya lalace. Mai kula da injin zai sake buga 50 a allo, aiki ya ci gaba, gobe a maimaita.

Ana iya gane wannan ba tare da an kwance komai ba. Idan lamba ɗaya ce take ɓacewa duk lokacin da wuta ta tafi, sauran kuwa suna nan, to gurbin da aka ajiye ta ne ba daidai ba. Maganinsa a mayar da ita D200 ko sama, ko a faɗaɗa iyakar yankin da ake riƙewa a cikin manhajar GX Works2. Idan kuwa agogon na'urar ya rikice, lambobi da yawa suka canza lokaci guda, fitilar BATT tana ci, to batir ne ya gaji.

Batirin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a FX3U ba lambobi kaɗai yake riƙewa ba. Idan ba a sa mata ƙarin katin ajiya ba, har tsarin umarnin kansa a kan batirin ya dogara. Sunansa FX3U-32BL, kuma kamfanin ya ƙiyasta masa kimanin shekara 5 a zafin digiri 25. Duk wanda ya taɓa buɗe allon lantarki a watan Afrilu ya san zafin ciki ya wuce haka nesa ba kusa ba, zafi kuma yana rage kwanan batir. Daga ranar da fitilar BATT ta kama, kusan wata guda ya rage. Muddin akwai wuta ba za a ga wata illa ba, shi ya sa ake yin sakaci da ita, har ranar da injin zai kwana a kashe ya wayi gari babu umarni a cikinsa. Wajen canjin ma akwai ƙa'ida: a riƙe sabon a hannu kafin a cire tsohon, domin bayan an zare shi daƙiƙa 20 kawai ake da su.

Sababbin na'urori da yawa sun rabu da wannan dogaro. S7-1200 ta kamfanin Siemens tana ajiye umarni da lambobin da aka zaɓa ba tare da batir ba. Agogonta ne kawai ke rayuwa a kan kafasito, kimanin kwana 20. Injin da aka rufe tsawon damina zai tashi da umarninsa cif, amma kwanan watan da zai buga a rahoto ba abin yarda ba ne sai an gyara.

Sai dai ba kowace tunawa ce alheri ba, kuma a nan ne nake ganin an fi yin ganganci. A FX3U, alamomin kunnawa da kashewa daga M500 zuwa sama batir na riƙe su. Idan aka ajiye umarnin "mota tana gudu" a ɗaya daga cikinsu, to da zarar wuta ta dawo bel zai iya tashi da kansa, wataƙila hannun wani yana ciki yana cire buhun da ya maƙale. Ƙidaya da saiti su ne abin tunawa. Umarnin motsi ya kamata ya mutu tare da wuta, ya jira mutum ya danna maɓalli.

Sabunta manhajar asali ta na'urar, wadda masu sana'a ke kira famwaya, wani al'amari ne daban, domin batir ba ya ceton komai a nan. A na'urorin ControlLogix na Allen-Bradley, sabuntawar tana goge tsarin umarni da duk lambobin da ke tare da shi, sai an sake loda su daga kwamfuta. Kwafin da ke kwamfutar kuwa yana ɗauke ne da lambobin ranar da aka adana shi. Idan shekara uku ke nan da adanawa, duk gyaran sikeli da saitin da aka yi daga baya sun tafi. Injin zai yi aiki, amma buhun zai fito da ragi ko da ƙari, ba wanda zai sani sai mai saye ya auna. Irin wannan tarko yana tattare da katin ajiyar na'urar ma: idan aka saita Load Image a kan On Power Up, duk dawowar wuta sai tsofaffin lambobi su hau kan sababbi.

Don haka kafin kowa ya taɓa famwaya, a fara kwaso umarni da lambobin yau daga cikin na'urar, a rubuta muhimman saiti a takarda, a kuma auna buhun farko bayan an gama. Mai masana'anta kuma ya nemi wanda ya kafa masa injin ya ba shi kwafin umarnin a hannu, tare da jerin lambobin da ake riƙewa, kafin ya biya cikon kuɗin aiki.