Bashin Manhajar Waya: Yadda Wa'adin Kwana Bakwai Ke Ɗaure Mai Ci

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, an saba ɗaura wa'adin bashi a kan lokacin da mai ci zai samu abin biya. Manomin Sandamu ko Baure yakan ce a jira shi kaka, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ce ƙarshen wata, mai harkar dabbobi kuma ya ce sai kasuwar Mai'aduwa ta ci ranar Lahadi. Bashin da ake karɓa ta manhajar waya ya saɓa wa wannan tsari. Da lambar BVN da hoton fuska kuɗi kan faɗo cikin asusu a 'yan mintuna, ba jingina ba mai tsaya wa mutum, amma wasu manhajojin kwana bakwai ko goma sha huɗu kawai suke bayarwa a biya duka. Gajartar wannan wa'adi ita ce tushen matsalar.

Mu ɗauki misali don a ga lissafin a fili, ko da yake abin da ake cirewa ya bambanta daga manhaja zuwa manhaja. Wani ƙaramin ma'aikaci a Daura yaronsa ya kwanta rashin lafiya a farkon wata, albashi ya riga ya tafi wajen hatsi da kuɗin haya. Ya nemi naira 20,000 na kwana bakwai. Manhajar ta cire 4,000 tun a sama da sunan kuɗin hidima, ta turo masa 16,000, amma 20,000 cif zai mayar. A idonsa 4,000 ba wani abin tashin hankali ba ne. Sai dai in an auna shi da abin da ya shiga hannunsa, kashi 25 cikin ɗari ne a mako guda. In aka bi wannan farashi har makonni 52 na shekara, ya kai kashi 1,300 cikin ɗari, tun ma ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba.

Ranar bakwai ta zo, albashi kuwa saura mako uku. Kuɗin ya riga ya tafi wajen magani, bai haifi komai ba. Hanyar da ta fi kusa da shi ita ce ya sauke wata manhajar ya ci sabon bashi ya toshe na farko. To, kafin 20,000 ta shigo hannunsa bayan an cire kashi ɗaya bisa biyar, dole ya nemi 25,000. A mako na biyu, don ya biya 25,000 sai ya nemi 31,250. A mako na uku, don ya biya wannan sai ya nemi kimanin 39,000. Ranar ashirin da takwas ke nan ana bin sa kusan 39,000, alhali 16,000 kaɗai ya taɓa kashewa a kan bukatarsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ko da albashi ya fito ya biya duka, maganar ba ta ƙare ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wanda ke ɗaukar haka, in ya cire 39,000, abin da ya rage ba zai kai iyalinsa tsakiyar wata ba. A daidai lokacin ne manhajar ke turo masa saƙo cewa tunda ya biya a kan kari, yanzu ya cancanci bashi mafi girma. Kamfanin ya san ribarsa tana wajen mai dawowa, shi ya sa yake sauƙaƙa komowa. Daga nan mutum ya daina cin bashi don wata larura, ya koma ci don cike ramin da bashin jiya ya bari.

Ɗan kasuwa ma bai tsira ba. Bashin kashi 25 a mako ba ya amfani sai in hajar za ta fita cikin kwana bakwai da ribar da ta wuce haka. Wanda ya sayi rago a Mai'aduwa don ya yi kiwo kafin Sallah zai ɗauki makonni yana ciyarwa. Wanda ya sayi taki da damina ba zai ga gero ba sai bayan wata uku ko kusa da haka. Duk su biyun wa'adi zai riske su dukiyar tana ɗaure, sai su karyar da kaya ko su sake cin wani bashin.

Me ya sa mutum ba ya tsayawa ya ce a jira shi? Dalili na farko tara ce, wadda yawanci ke hawa kowace rana bayan wa'adi. Na biyu ya fi ciwo, wato tonon asiri. Lokacin sauke manhaja mutum yakan danna amincewa a shiga lambobin da ke wayarsa ba tare da ya karanta ba. In ya makara, masu karɓar bashin wasu kamfanonin sukan aika saƙo ga surukai da abokan aiki da malamansa cewa ɗan damfara ne. A gari irin Daura, inda kowa ya san gidan su wane, mutum ya gwammace ya ci bashi na biyar da sunansa ya isa kunnen mai unguwa. Tsoron kunya shi ke juya wannan keken.

Hukumomi sun ɗauki matakai. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, kuma a shekarar ta wajabta musu yin rajista. Kamfanin Google ya hana manhajojin bashin da ke neman a biya duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka zama a Play Store, sannan daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana su shiga lambobi da hotunan waya. Saboda haka manhajar da aka turo ta WhatsApp ko saƙon tes a ce a sauke ta kai tsaye, mai wa'adin kwana bakwai, mai neman lambobin jama'arka, ta kauce wa waɗannan ƙa'idoji ne.

Ban da asarar dukiya, Musulmi ya san hukuncin riba, kuma sauya mata suna zuwa kuɗin hidima bai canza cewa ƙari ne a kan bashi saboda lokaci ba. Adashe da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da rance daga ɗan'uwa sun fi jinkiri, amma wa'adinsu yana tafiya da lokacin samun mutum.

Kafin ka danna maɓallin karɓa, ka rubuta abu uku a takarda: nawa zai shigo hannunka, nawa za ka mayar, da ranar da kuɗin biya zai zo maka. In ranar samunka tana bayan ranar wa'adi, kada ka karɓa. Wanda kuma ya riga ya shiga, ya daina cin sabo don biyan tsoho, ya gaya wa iyalinsa da bakinsa tun saƙon masu bashi bai riga shi ba, ya ajiye duk wani saƙon barazana, ya kai ƙara hukumar FCCPC.