Yadda Za Ka Gane An Rage Mitar Motar Tokumbo

A kowace kasuwar motoci, daga filayen Kwatano zuwa na Legas, Kaduna da Kano, abin da mai saye yake fara leƙawa bayan ya zagaya jikin mota shi ne lambar nan da ke kan dashbod, wadda ke nuna yawan tafiyar da motar ta yi. Da ita ake yanke farashi, kuma da ita mai saye yake ƙiyasta shekarun da suka rage wa inji da giya. Sai dai a duk motar babu abin da ya fi wannan lamba sauƙin sauyawa.

Mutane da dama suna zaton rage mita ya ƙare tun da aka daina ƙera mai jujjuyawa aka koma mai lantarki. Gaskiyar ita ce aikin ma sauƙi ya ƙara. A motocin yanzu, lambar tana ajiye ne a wani ɗan ƙaramin guntun ƙwaƙwalwa da ke bayan mitar. Mai na'ura zai iya jonawa ta kafar nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfutar duba lafiyar mota, ya rubuta lambar da yake so. Idan motar ba ta ba da dama ta nan ba, sai ya kwance mitar ya yi aikin a kan tebur, ko kuma ya sayo wata mitar gwanjo mai ƙaramar lamba ya ɗaura. Ba kuma a nan kaɗai ake yi ba. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta taɓa ƙiyasta cewa fiye da mota 450,000 ake sayarwa kowace shekara a ƙasar da mitar ƙarya. To ina ga motar da ta haye teku, ta bi ta hannu uku ko huɗu kafin ta iso gabanka?

A ganina, mai saye ya ɗauki abin da mita ta nuna a matsayin iƙirarin mai sayarwa, iƙirarin da ke jiran shaida. Shaida mafi ƙarfi kuwa ita ce wadda hannun mai sayarwa ba zai kai gare ta ba, wato tarihin da aka rubuta wa motar tun tana ƙasarta.

Mu ɗauki misali. A ce an nuna maka Toyota Camry ƙirar 2012, an ce daga Amurka ta taho a 2024, mita tana nuna 68,000. Tambayar farko: 68,000 na me? Motocin Amurka da mil suke lissafi, na Kanada da na Turai irin su Jamus da Beljiyam da kilomita. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, don haka mil 68,000 ya kai kilomita 109,000. Akwai dillalin da zai ambaci lambar ya ce kilomita ce alhali mil ce, ba tare da ya taɓa mitar ba. Duba agogon gudu: idan manyan lambobin suna tare da MPH, mil kake karantawa. Ka kuma tabbata ODO ne rubuce a gefen lambar, don TRIP A da TRIP B lissafin gajeriyar tafiya ne.

Sai ka yi ɗan lissafi. Motar gida a Amurka takan yi tsakanin mil 12,000 da 15,000 a shekara. Shekara 12 a kan mil 12,000 ya ba ka 144,000. Motar da ke gabanka ba ta kai rabin haka ba. Wannan bai tabbatar da ha'inci ba, don akwai tsofaffin da ba sa fita sai cefane da asibiti. Amma irin waɗannan motoci ƙalilan ne, kuma duk filin da ka shiga ka tarar kowace mota 'yar shekara goma sha wani abu tana tsakanin 60,000 da 90,000, to ka san da walakin.

Daga nan sai lambar shasi, wadda a takardu ake rubuta VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma tun 1981 haka tsarin yake a motocin Amurka. Za ka gan ta ta gilashin gaba, a kusurwar dashbod ta ɓangaren direba, sannan a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Ka kwafe ta da hannunka daga jikin motar, ka gwada wuraren biyu da ta takardar kwastam, harafi da harafi. Idan sun saɓa, maganar mita ma ta kau, don matsalar ta fi haka girma.

Da wannan lamba za ka sayi rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck. Waɗannan kamfanoni suna tattara bayanai daga hukumomin rajista na jihohin Amurka, garejoji, kamfanonin inshora da wuraren gwanjo, kuma sau da yawa kowane bayani yana ɗauke da kwanan wata da abin da mita ta nuna ranar. A misalinmu, a ce rahoton ya nuna an yi wa motar sabis a 2015 tana da mil 41,200, an sake mata rajista a 2018 tana da 88,900, an duba ta a 2021 tana da 131,500, sannan ta shiga gwanjo a 2023 da 162,300. Bi lambobin a jere: suna hawa da kimanin mil 15,000 kowace shekara, babu inda suka karye. Tun kafin ƙarshen 2017 motar ta wuce 68,000. An shafe mata sama da mil 94,000 ke nan, wato tafiyar kilomita 150,000 da ɗoriya.

Ka sayi rahoton da kanka. Takardar da dillali ya miƙo maka, ko hoton da ya turo ta waya, gyara lambobinta bai fi minti kaɗan a kwamfuta ba. Akwai kuma hanyar da ba ta cin ko sisi: rubuta lambar shasin a Google. Motoci masu yawa da ke zuwa Yammacin Afirka daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa, kuma hotunan gwanjon sukan daɗe a intanet. Cikinsu galibi akwai hoton mitar kanta a kunne, ga kuma hoton ɓarnar hatsarin da aka ce maka motar ba ta taɓa yi ba.

Rahoto ma yana da iyaka. Idan mai motar na can da kansa yake juye baƙin mai a gida, za ka ga giɓin shekaru babu bayani. Idan ka ga NOT ACTUAL MILEAGE, tun a can an san lambar ba daidai ba ce. Idan ka ga EXEMPT, ma'anarsa doka ba ta tilasta wa mai sayarwa bayyana mita ba saboda tsufan motar. Wannan ya shafi ƙirar 2010 zuwa baya, amma daga ƙirar 2011 sai mota ta shekara 20 kafin a ɗauke mata. Babban giɓin kuma shi ne rahoton yana tsayawa ranar da motar ta hau jirgi. Idan ya nuna ta bar Amurka a 2021 amma ana ce maka jiya ta sauka, ka tambayi inda ta yi shekarun tsakani. Wata motar ta sha titunanmu, aka wanke ta, aka cire lamba, aka mai da ita fili a matsayin sabuwar shigowa.

Motar Turai ba ta da rahoto ɗaya da ya game nahiyar. Beljiyam dai tana da takardar Car-Pass tun 2006, wadda ke jera lambobin mita da garejoji suka rubuta, Holan ma tana da irin wannan rajista. Idan daga ɗayansu motar ta fito, nemi takardar.

Inda takarda ta gaza, jiki magayi. Fara da wuraren da direba ke taɓawa kullum: robar birki da ta totur, saman sitiyari, kan giya, da gefen kujerar direba ta wajen ƙofa, inda ake gogawa wajen shiga da fita. A mil 68,000 waɗannan ba su isa cinyewa ba. Robar birkin da ta suɗe har ƙarfe ya leƙo, ko kujerar da sosonta ya zauna, aikin doguwar tafiya ne. Sabuwar roba fil a tsohuwar mota, ko sitiyarin da aka naɗe da sabuwar fata, su ma abin tambaya ne.

Sannan ka nemi abin da masu gyaran fuska suka manta. Garejojin Amurka suna manna 'yar takarda a saman kusurwar gilashin gaba ko a bakin ƙofa, mai nuna mil ɗin da za a sake juye. Wani lokaci ana samun rasit a aljihun dashbod, cikin littafin motar, ko wajen safaya taya. Takardar da ta ce juye na gaba a 158,000 ta gama magana. Duba kuma sukurorin da ke riƙe da mitar da robar da ta kewaye ta: kan sukuro da ya ci, ƙyasbi a roba, ko shatin yatsa ta cikin gilashin, duk suna nuna an buɗe. Wasu motocin BMW ma sukan kunna ɗan ɗigo kusa da lambar idan mitar ba ta dace da sauran ƙwaƙwalwar motar ba.

Taya tana taimakawa, amma kada a ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. A gefenta, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan yana da amfani a mota 'yar shekara uku ko huɗu da aka ce ba ta wuce mil 25,000 ba, don ya kamata tayoyinta na asali su kasance a ƙafarta. A mota 'yar shekara 12, an riga an sauya taya ko da tafiyar kaɗan ce.

Na'urar duba mota ita ce mataki na gaba, amma ba 'yar ƙaramar da ke goge fitilar inji kawai ba. A motoci da yawa, musamman Marsandi, BMW da Volkswagen, ƙwaƙwalwar inji, ta giya ko ta makulli tana ajiye nata lissafin, kuma mai rage mita cikin gaggawa dashbod kaɗai yake taɓawa. A tsofaffin Toyota da Honda kuwa sau da yawa babu wannan lissafi na biyu, don haka in na'ura ba ta nuna komai ba, wannan bai wanke motar ba. Bakaniken da zai duba ya zama naka, ba wanda dillali ya kira ba.

Camry ɗin nan mai mil 162,300 za ta iya zama mota mai kyau, don injinta yana jure fiye da haka in ya samu kulawa. Cutar da ke cikin lamarin iri biyu ce. Ka biya kuɗin motar da ba ita ka samu ba, sannan za ka riƙa yi mata sabis da lissafin ƙarya. Filogin wannan mota a mil 120,000 ake sauya su. Mai kallon 68,000 zai ɗauka da sauran shekaru, haka ma man giya da famfon ruwa. A motar da ke amfani da bel ɗin tayimin, kamar Honda Accord mai silinda shida da ake sauya wa bel a wajen mil 105,000, wannan kuskure zai iya kaiwa ga tsinkewar bel a kan hanya da lalacewar inji. Don haka idan ka gano gaskiya kuma har yanzu motar ta kwanta maka, nuna wa dillali rahoton, a yi ciniki a kan 162,300, ka rubuta ainihin lambar a littafin sabis, ka kuma ware kuɗin filogi da man giya kafin ka kama hanyar gida.