Santsi da Kaifi a Blender: Yadda Ake Hana Bakin Kofi Narkewa

Duk wanda ya fara koyon ƙera siffofi a manhajar Blender yakan ci karo da wani abu a makonninsa na farko. Ya zauna ya ƙera kofi ko tebur ko akwatin rediyo, komai ya fito daidai, sai dai jikin abin yana da kusurwa-kusurwa. Sai ya danna `Ctrl+2` don ya sa masa santsi, nan take abin ya kumbure, bakinsa ya narke, ya koma kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Santsin ya samu, amma kaifin da ke sa a gane kofi kofi ne ya tafi. Hanyoyin dawo da wannan kaifi biyu ne, kuma ba a iya zaɓa tsakaninsu sai an fahimci abin da ya narkar da bakin tun farko.

Kowace siffa a Blender raga ce ta ɗigo-ɗigo. Layi yana haɗa ɗigo biyu, layuka huɗu kuma sukan kewaye fuska ɗaya. Abin da `Ctrl+2` ke yi shi ne ɗora wa ragar wani aiki mai suna `Subdivision Surface` a mataki na biyu. Lissafin da ke ƙarƙashinsa tsoho ne: Edwin Catmull da Jim Clark suka wallafa shi a 1978, shi ya sa za ka ga `Catmull-Clark` a rubuce a jikinsa. A kowane mataki yana raba fuska mai gefe huɗu gida huɗu. Akwatin da Blender ke buɗewa da shi fuska 6 gare shi. A mataki na farko su zama 24, a na biyu 96, a na uku 384.

Rabawar kaɗai ba ta kawo santsi. Abin da ke kawo shi shi ne, bayan an raba, kowane tsohon ɗigo yana matsawa zuwa wajen maƙwabtansa. A ragar da ke tafiya a jere da fuskoki masu gefe huɗu, ɗigo yakan matsa kusan kashi ɗaya cikin shida na nisan da ke tsakaninsa da kowane maƙwabci. A shimfiɗaɗɗen wuri jan na dama da na hagu suna kashe juna, ba a ganin komai. A kan kusurwa kuwa duka biyun ciki suke ja, sai kusurwar ta lotsa. Ke nan maƙwabci na nesa shi ke jan ɗigo da nisa, na kusa kuma ɗan kaɗan yake motsa shi. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin aikin.

Mu gwada da kofin shayi marar mariƙi. A ɗauko `Cylinder` mai `Vertices` 16, faɗinsa santimita 8, tsayinsa 10. A zaɓi fuskar sama, a danna `I` a shigo da ita milimita 3, kaurin kofin ke nan. Sai a danna `E` a tura ta ƙasa santimita 9 da rabi don a samu ciki. Da an ɗora santsi, kofin zai gajarce. Dalili kuwa, ɗigon da ke bakin kofi ba shi da maƙwabci ta ƙasa sai wanda ke can gindi, milimita 100 daga gare shi. Kashi ɗaya cikin shida na wannan ya kusa milimita 17, kuma gwargwadon haka bakin zai sauka, ya sirance. Faɗin ma yana raguwa, amma kaɗan: da ɗigo 16 a kewaye, santimita 8 za ta koma wajen 7.8. Da ɗigo 8 aka yi amfani da su, da ragin ya kai kusan kashi goma cikin ɗari.

Hanya ta farko ita ce a kawo wa ɗigon maƙwabci kusa da shi. A danna `Ctrl+R` a jikin kofin ta waje, zobe zai bayyana a kewaye, sai a ja shi sama har ya rage milimita 1 ya kai baki. A yi irinsa ta ciki. Wannan shi ne zoben tokara. Yanzu maƙwabcin ɗigon baki ta ƙasa milimita 1 ne kawai, don haka saukar ba ta kai rabin milimita ba. Kofin ya dawo da tsayinsa, bakinsa kuma ya fito da ɗan lanƙwasa siriri mai laushi. Idan ana son ƙarin taushi, a zaɓi zoben a danna `G` sau biyu a ja shi baya. Idan ana son ƙarin kaifi, a matso da shi. Nisan zobe daga gefe shi ne ma'aunin kaifi, kuma ido yana ganinsa kai tsaye.

Gindin kofin yana son ƙarin lura. Fuskarsa ɗaya ce mai gefe 16, kuma irin wannan fuska idan aka raba ta duk layukanta a tsakiya suke haɗuwa, sai a ga tamoji kamar tauraro yana hawa jikin kofi. Maganinsa shi ne a sa zobe milimita 3 sama da gindi, sannan a zaɓi fuskar ƙasa a danna `I` sau biyu, na farko milimita 3, na biyu ya fi haka zurfi. Da haka babbar fuskar za ta tsaya a tsakiyar shimfiɗaɗɗen wuri, inda tamojinta ba ya iya fitowa. Haka za a yi wa ƙasan kofin ta ciki.

Wannan hanya tana da tsadarta. Zobe ba ya tsayawa inda kake buƙatarsa kawai, yana bin jerin fuskoki har ya zagayo. A kofinmu zoben da ke kwance a kewaye ba ya ɓata komai. Amma a ce an huda wa kofin gurbin mariƙi mai kusurwa huɗu, aka sa layukan tokara a tsaye don su riƙe kusurwoyin gurbin. Waɗannan layuka za su gangara har gindi, su matse ɗigo biyu kusa da juna a da'irar da tazararta take daidai wa daida. Sakamakon shi ne wani ɗan tudu zai bi tsawon kofin, da'irar ta daina zama da'ira. Masu gwaninta sukan guje wa wannan ta hanyar soma kofin da ɗigo masu yawa, kamar 32, ko su karkatar da zoben ya kewaye gurbin kaɗai da `I`. Ban da haka, kowane ƙarin zobe nauyi ne ga ragar, kuma gyaran siffa yana ƙara wuya, domin wanda zai matsar da baki sai ya kwashi zobba uku ko huɗu tare.

Hanya ta biyu ba ta ƙara ko ɗigo ɗaya. Ana gaya wa lissafin ne cewa wannan layi kada a ja shi. A zaɓi zobba biyu na bakin kofi, a danna `Shift+E`, a ja linzami ko a rubuta lamba daga 0 zuwa 1. Layukan za su canza launi zuwa ruwan hoda, kuma ana iya gyara lambar a `Mean Crease` da ke cikin allon da `N` ke buɗewa. Wannan dabara daga kamfanin Pixar ta bunƙasa, a lokacin gajeren fim ɗinsu Geri's Game na 1997, kuma tun daga fitowa ta 2.80 a 2019 Blender yana amfani da injin lissafinsu mai suna OpenSubdiv.

Lambar `Crease` tana yaudarar masu koyo, domin ba a miƙe take tafiya ba. Abin da take nufi shi ne matakai nawa za a riƙe layin da kaifi kafin a sake shi ya soma lanƙwasa. Blender yana ninka lambar da kanta, sannan ya ninka da goma. Don haka 0.3 ta kusa mataki ɗaya, 0.5 mataki biyu da rabi ce, 1 kuwa kaifi ne da ba ya sakewa. Wanda ke aiki a mataki na biyu zai ga babban canji tsakanin 0.1 da 0.4, daga 0.5 zuwa sama kuma kusan duk ɗaya ne a idonsa, saboda ragar ba ta da isassun fuskokin da za su nuna ɗan lanƙwasar da ya rage. Sai an hau mataki na uku ko na huɗu bambancin ke fitowa, kuma kowane hawa ninki huɗu ne na nauyi a kan kwamfuta.

Matsala ta biyu ta haske ce. Idan aka kai layi 1 kuma aka sa `Shade Smooth`, siffar tana da kusurwa amma Blender yana shafa haske a kanta kamar mai lanƙwasa, sai a ga duhu-duhu a gefen baki. Ana gyara wannan da `Mark Sharp` ko `Shade Auto Smooth`. To amma ko an gyara, akwai abin da ya rage. Babu kofi ko tebur a duniya da gefensa ba shi da ɗan faɗi, kuma wannan ɗan faɗin ne ke kama haske ya ba da siririn ƙyalli da ke sa ido ya yarda abin na gaske ne. Gefen da kaifinsa ya cika ba shi da inda haske zai sauka. Sannan `Crease` bayani ne da ke liƙe a jikin layi, ba siffa ba ce: idan aka fitar da ragar a fayil ɗin OBJ ba tare da an tabbatar da santsin ba, bayanin ba ya bin ta, kofin zai sake narkewa a ɗaya manhajar.

Akwai kuma hanyar da ke sa Blender ya dasa zobban da kansa. A ɗora `Bevel` a saman `Subdivision Surface`, domin daga sama aikin ke farawa. A ba shi `Segments` 2, a kai `Shape` ɗin `Profile` zuwa 1, `Amount` kuma milimita 1. Zai ajiye zobe a kowane ɓangare na duk gefen da kusurwarsa ta wuce digiri 30, ragarka ta asali kuma ta zauna da sauƙinta. Idan ya kama gefen da ba ka so, a mayar da `Limit Method` zuwa `Weight`, ka zaɓa masa da hannunka.

Kafin ka yarda cewa aikin ya yi, ka duba shi da `MatCap` mai sheƙi, ka juya kofin a hankali. Idan ƙyallin yana gudana a miƙe, ragar lafiya take. Inda ya karye ko ya murɗe, a nan akwai zoben da ya matse, ko ɗigon da layuka biyar ko fiye suka haɗu a kansa a wuri mai lanƙwasa.

Shawarata ita ce a yi amfani da `Crease` lokacin da siffa ba ta gama zama ba, ko ga abin da zai tsaya can nesa da kyamara, domin yana da sauri kuma bai hana gyara. Abin da kyamara za ta matso kusa da shi, ko wanda za a miƙa wa wani ya buɗe a wata manhaja, a ba shi zobba na gaske, kuma a sa su a ƙarshe, bayan tsayi da faɗi da kauri duk sun tabbata.