Soket Mai Rami Uku da Wayar Ƙasar da Babu

A gidaje da shaguna da dama a Najeriya ana samun soket mai rami uku wanda waya biyu kawai aka haɗa masa, ramin sama kuwa, wanda aka tanadar wa wayar ƙasa mai launin kore da rawaya, ba a haɗa shi da komai ba. Tsadar jan ƙarfe na cikin dalilan hakan, sannan fitila da firji suna aiki lafiya lau ko babu wannan waya, don haka maigida ba ya gane an rage masa aiki.

Wayar ƙasa ba ta ɗaukar wuta sai ranar da matsala ta auku. Idan rufin waya ya goge a cikin firji, wayar wuta ta taɓa jikin ƙarfensa, ita ce ke bai wa wutar hanya mai sauƙi zuwa sandar da aka binne a ƙasa, domin na'urar kariya ta katse layin kafin wutar ta bi ta jikin mutum. Sai dai sandar kaɗai ba ta wadatar, kuma nan ne ake yawan kuskure. Idan turjiyarta, wato yadda ƙasa ke hana wuta wucewa, ta kai om 100, abin da kan faru a busasshen rairayi da rani, bolt 230 zai tura amfiya 2.3 ne kacal, wanda ba zai ƙona fis mai amfiya 13 ba, balle ya kayar da bireka mai 32, jikin firjin kuwa yana nan da wuta. Na'urar RCD, wadda ke kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, ita ce ke katsewa da zarar yoyon ya kai miliamfiya 30.

Ana gwajin farko da mitar awon wuta da aka saita a kan AC. Ga wanda ke fuskantar soket, ramin dama na wuta ne, na hagu kuma na nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Tsakanin dama da hagu ya kamata a ga kusan bolt 230, haka ma tsakanin dama da sama, tsakanin hagu da sama kuwa 'yan bolt kaɗan. Idan dama da sama suka ba da sifili, ko adadi ƙarami mai rawa, wayar ƙasar ta tsinke ko ba a sa ta ba.

Wannan gwaji yana da iyaka, domin wasu masu gyara kan haɗa ramin sama da nutural a bayan soket, mita ta nuna komai daidai, alhali ranar da nutural ta tsinke wuta za ta hau jikin duk abin da aka jona. Ana gano wannan ha'inci ne idan ƙwararre ya kashe wuta ya buɗe soket, ya bi koriyar wayar har allon rarraba wuta, sannan ya auna turjiyar sandar da na'urarta ta musamman, kuma awon rani ya fi na damina faɗin gaskiya.