Farin Zoben da Ke Tona Asirin Hoton da Aka Haɗa

Duk wanda ya saba duba katin gayyatar biki ko fastar 'yan siyasa ya san wannan aibin. An yanko hoton mutum an ɗora shi a kan bango mai duhu, amma sai ga wani siririn farin layi ya bi gefen hularsa da kunnensa da kafaɗarsa. Da yawa suna ɗora laifin a kan injin buga hoto. Alhali tun a kwamfuta aka taho da matsalar, domin layin nan ragowar tsohon bangon ne da ya maƙale a gefen hoton.

Hoto tarin ƙananan ɗigo ne masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel, kuma kowane ɗigo launi ɗaya tak yake ɗauka. Ɗigon da ya faɗo daidai kan iyakar mutum da bango dole ya haɗa launukan biyu. A ma'aunin haske na hoto, 0 shi ne baƙi ƙirin, 255 kuma fari fat. A ce an ɗauki hoton mai baƙar hula a gaban farin bango, hasken hular 20, na bangon 240. Ɗigon da rabinsa hula ne rabinsa bango zai tsaya a 130. A gaban farin bango ido ba ya ganinsa, shi ne ma yake sa gefen ya yi sumul.

To, yanzu a yanko mutumin a ɗora shi a kan shuɗi mai duhu wanda haskensa 30 ne. Da a gaban shuɗin aka ɗauki hoton, ɗigon iyakar zai zama 25. Amma wanda aka yanko yana nan da 130 ɗinsa, a tsakanin 20 da 30. Dubban irinsa a jere su ne farin zoben. Kyamarar waya kan ƙara dagula lamarin, don tana ƙara wa hoto kaifi ta hanyar haskaka gefen abu mai duhu.

Gyaran yana farawa ne daga daina amfani da magogi. A Photoshop ana ɓoye bango da Layer Mask, wani shafi ne da baƙinsa ke ɓoyewa, farinsa ke bayyanawa, ruwan tokarsa kuma ke bayyana wani kaso. Ba ya goge komai, saboda haka in an yi ɓarna ana iya komawa baya. Kafin a taɓa shi, a sa bango mai duhu a ƙarƙashi, a zuƙo hoton sosai har gefen ya fito fili.

Inda gefen yake da kaifi, kamar hula ko kafaɗar babbar riga, aikin ba wuya. A cikin Select and Mask, a ja Shift Edge zuwa ɓangaren ragi kaɗan, iyakar ta matso ciki da fiksel ɗaya ko biyu, gurɓatattun ɗigon su shige ƙarƙashin baƙi. Feather na rabin fiksel zuwa ɗaya ya isa ya tausasa gefen. A nan ne na fi ganin masu koyo suna kuskure: su ga zobe, sai su cika Feather, zoben ya bazu ya koma hazo kewaye da mutum. Matso da iyakar ma in ya yi yawa, kunne zai sirance, gemu ya zama kamar an datse shi da almakashi.

Gashi da gemu da mayafi shara-shara su ne masu cin lokaci, domin silin gashi sau da yawa bai kai faɗin fiksel ɗaya ba, kusan duk ɗigonsa gauraye ne. Ana bin wurin da Refine Edge Brush, manhajar ta ƙiyasta kason gashi a kowane ɗigo. Sai dai hakan bai gama aikin ba. Mu koma ga ɗigonmu mai 130. Ko an bayyana rabinsa kawai a kan shuɗin, rabin 130 da rabin 30 sun ba da 80, har yanzu ya fi kewayensa haske nesa ba kusa ba. Kason ya yi daidai, launin ne bai gyaru ba.

Wannan shi ne aikin Decontaminate Colors. Yana ɗauko launin gashin daga ɗigon da ke can ciki ya maye gurbin gurɓataccen, 130 ya koma kusa da 20, sakamakon ya sauko wajen 25. Da yake yana canza launin hoton kansa, Photoshop kan fitar da shi a sabon shafi, na asali ya tsira. A duba shi da kyau bayan an gama, don wani lokaci yakan damalmala launi a gefen tufafi masu zane. In haka ta faru, a bar shi ya yi aiki a kan gashi kaɗai, sauran gefen a bi shi da matso da iyaka.